Ka sayi hannun jari sau uku, ka sayar da wani ɓangare: nawa ce ribarka?

Mutane da dama da ke zuba kuɗi a kasuwar hannayen jari ba sa saye a karo ɗaya. Idan albashi ya shigo ko ciniki ya yi kyau, sai mutum ya ƙara kaɗan a kamfanin da ya amince da shi. Bana ya saya a kan wani farashi, baɗi farashin ya hau ya sake saye, wata shekarar kuma ya ƙara. Ranar da buƙata ta taso ya sayar da wani ɓangare, sai tambaya ta taso: waɗanne ya sayar, na farko masu araha ko na baya-bayan nan masu tsada? Amsar wannan tambaya ita ke nuna yawan ribarsa, kuma a kan ribar ce hukuma ke ɗora haraji.

Abin ya yi kama da ɗan kasuwar da ya sari masara sau uku a farashi daban-daban, ya juye ta duka a rumbu ɗaya. In ya ɗebo buhu biyu ya kai kasuwa, ba mai iya cewa ga ƙwayar sarin farko, ga ta ƙarshe. Hannayen jarin kamfani ɗaya ma haka suke a asusunka, ba su da wata alama da ta bambanta su. Shi ya sa aka tsara ƙa'idojin lissafi.

Fara da abin da ka kashe

Riba ita ce abin da ya shigo hannunka bayan sayarwa, a cire uwar kuɗin hannayen jarin da ka sayar. Uwar kuɗi kuwa ta haɗa da farashin saye da kamashon dillali da sauran kuɗaɗen da aka caje ka ranar saye. Haka nan a ɓangaren sayarwa, sai an cire kamasho kafin a san abin da ya zama naka. Duk waɗannan suna rubuce a takardar ciniki da dillali ke turo maka bayan kowane saye ko sayarwa.

Mu ɗauki misalin wata malamar makaranta da ta sayi hannun jarin kamfani ɗaya sau uku. A karon farko ta sayi 1,000 a kan Naira 20, ta biya kamasho Naira 300, jimla Naira 20,300. A karo na biyu ta sayi 2,000 a kan Naira 26 da kamasho Naira 700, jimla Naira 52,700. A na uku ta sayi 1,000 a kan Naira 40 da kamasho Naira 600, jimla Naira 40,600. Ke nan tana da hannun jari 4,000 da suka ci mata Naira 113,600. Idan aka raba kamashon a kan kowane rukuni, na farko ya tsaya mata Naira 20.30 kowane ɗaya, na biyu Naira 26.35, na uku Naira 40.60.

Sai farashi ya kai Naira 50, ta sayar da 2,500. Cinikin ya kama Naira 125,000, aka cire Naira 2,000 na kamasho, ta karɓi Naira 123,000. Wannan adadi ba ya sauyawa ko da wace hanya aka bi. Abin da ke sauyawa shi ne uwar kuɗin da za a cire daga cikinsa.

Hanyoyi uku, amsoshi uku

Hanya ta farko ita ce a ɗauka wanda aka fara saye shi aka fara sayarwa. A takardu da manhajojin dillalai ana rubuta ta FIFO. A nan malamar ta sayar da rukunin farko gaba ɗaya, wato 1,000 na Naira 20,300, ta cike da 1,500 daga rukuni na biyu, waɗanda a kan Naira 26.35 suka kama Naira 39,525. Uwar kuɗin ta zama Naira 59,825, ribar kuwa Naira 63,175. Idan farashi ya daɗe yana hawa, wannan hanya ce ke fitar da riba mafi yawa, domin tsofaffin masu araha take fara ɗauka.

Hanya ta biyu ita ce matsakaicin farashi. Ana haɗa duk abin da aka kashe, a raba shi da yawan hannayen jarin da ake da su. Naira 113,600 a raba gida 4,000 ya ba da Naira 28.40. Waɗanda ta sayar, 2,500, sun kama Naira 71,000, ribar ta zama Naira 52,000. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi: mutum ya haɗa farashin nan uku, 20 da 26 da 40, ya raba uku. Wannan bai yi daidai ba, domin ya mayar da rukunin 2,000 daidai da na 1,000, kuma ya manta da kamasho. Jimlar kuɗi ake rabawa da jimlar hannun jari, kuma duk lokacin da aka yi sabon saye sai an sake wannan lissafi.

Hanya ta uku ita ce mai jari ya ware da kansa rukunin da yake sayarwa. Da malamar ta ce a fara da masu tsada, za a ɗauki 1,000 na Naira 40,600 da 1,500 na Naira 39,525. Uwar kuɗi Naira 80,125 ke nan, riba kuma Naira 42,875.

Ciniki ɗaya ne, kuɗin da suka shiga asusunta ɗaya ne, amma tsakanin amsa mafi girma da mafi ƙanƙanta akwai tazarar Naira 20,300.

Ribar ba ta ɓata, jiranka take a gaba

Wani zai ce ai sai kowa ya bi hanya ta uku ya huta. Amma a dubi 1,500 da suka rage mata. A hanyar farko uwar kuɗinsu Naira 53,775 ce, a ta biyu Naira 42,600, a ta uku Naira 33,475. Duk abin da aka ƙara wa uwar kuɗin na yau, daga na gobe aka ɗebo shi.

A ce daga baya ta sayar da ragowar, ta karɓi Naira 80,000 bayan kamasho. Ribar wannan karo za ta zama Naira 26,225 a hanyar farko, Naira 37,400 a ta biyu, Naira 46,525 a ta uku. Haɗa kowace da ribar cinikin farko, za ka samu Naira 89,400 a dukkansu. Haka ya kamata, domin ta karɓi Naira 203,000 gaba ɗaya, ta kashe Naira 113,600. Saboda haka hanyar da aka bi ba ta ƙara dukiya ba ta rage ta. Abin da take yi kawai shi ne ta nuna shekarar da ribar za ta bayyana a takarda, kuma wannan yana da tasiri idan kason haraji ko iyakar yafiya ya bambanta tsakanin shekarun.

Zaɓin ba kullum yake hannunka ba

Kowace ƙasa da nata tsari. A Amurka, idan mai jari bai ware rukunin da yake sayarwa ba, ana ɗauka na farko ne ya fita. In yana son warewa, dole ya sanar da dillali a lokacin cinikin, ya kuma samu tabbaci a rubuce, ba sai lokacin cike takardun haraji ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi ba. A can ranar saye ma tana da nauyi, domin abin da aka riƙe fiye da shekara ɗaya harajinsa ya fi sauƙi. Kanada tana bin matsakaicin farashi. Birtaniya ma tana tara hannayen jarin kamfani ɗaya a lissafi guda, amma takan fara daidaita sayarwa da abin da aka saya a ranar, sannan da abin da aka sake saye cikin kwana 30 bayan sayarwar. An yi haka ne don hana mutum ya sayar yau ya nuna asara, gobe ya sake saye.

A Najeriya an daɗe ba a karɓar wannan haraji a kan hannayen jari, sai Dokar Kuɗi ta 2021 ta dawo da shi: kashi 10 cikin 100 na ribar, idan cinikin ya kai Naira miliyan 100 cikin wata 12 a jere. Sabuwar dokar haraji da aka sanya wa hannu a 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe wa wanda cinikinsa bai kai Naira miliyan 150 ba kuma ribarsa ba ta wuce Naira miliyan 10 ba a cikin wata 12. Malamar misalinmu ba ta ko kusa da wannan iyaka. Amma ga mai babban jari, hanyar lissafi tana iya sa ribarsa ta haura Naira miliyan 10 ko ta tsaya ƙasa. Irin wannan mutum ya zauna da dillalinsa da masanin haraji kafin ya ba da umarnin sayarwa.

Inda lissafi ke karkacewa

Babban kuskure shi ne sauya hanya a tsakiya. A ce malamar ta bi matsakaicin farashi a cinikin farko, ta cire Naira 71,000, sannan a na biyu ta koma hanyar farko ta cire Naira 53,775. Jimlar abin da ta cire ta zama Naira 124,775, alhali Naira 113,600 ta kashe. Ta ƙirga Naira 11,175 sau biyu, ribarta ta fito ƙasa da gaskiya. Gano wannan ba wuya: uwar kuɗin abin da ka sayar, a haɗa da ta abin da ya rage, dole su ba da jimlar abin da ka kashe. In ba su daidaita ba, akwai kuskure a wani wuri.

Na biyu shi ne hannun jarin kyauta da kamfanoni kan ba masu jari. Da kamfanin ya ba malamar ɗaya a kan kowane huɗu kafin ta sayar, da 4,000 ɗinta sun zama 5,000 ba tare da ta biya ko kwabo ba. Jimlar kuɗinta tana nan a Naira 113,600, matsakaicin kuma ya sauko zuwa Naira 22.72. Wanda ya ci gaba da amfani da Naira 28.40 ya ba kansa uwar kuɗin da bai kashe ba. Na uku kuma, rabon ribar da kamfani ke biya duk shekara ba ya shiga wannan lissafi, nasa harajin daban yake.

Bayanin asusunka na CSCS zai nuna maka yawan hannayen jarin da kake da su, amma shaidar farashi da kamasho tana cikin takardun ciniki. Ka adana kowace ɗaya, ka buɗe littafi ko jadawali mai nuna ranar saye, adadi, farashi, kamasho da abin da ya rage a kowane rukuni. Ka sabunta shi a ranar da ka yi ciniki, ka bi hanyar da dokar ƙasarka ta amince da ita, ka kuma tsaya a kanta har ranar da ka sayar da na ƙarshe.