Kai Biyu, Hula Ɗaya: Yadda Ake Mayar da Jadawalin Takarda Zuwa Fayil ɗin CSV

A ɗakunan karatu na makarantunmu akwai rahotanni masu ɗimbin yawa waɗanda ke cike da jadawaloli na ƙidayar jama'a, da na ruwan sama, da na amfanin gona. Duk wanda yake son na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi masa lissafi da waɗannan alƙaluma, tilas ne ya fara ɗaukar hoton shafin da na'urar sikana, sa'an nan ya ba wata manhaja mai karanta rubutu daga hoto, wadda ake kira OCR, ta mayar da hoton ya zama haruffa da lambobi. Daga nan sai a zuba su cikin fayil. Fayil ɗin da aka fi amfani da shi wajen wannan aiki shi ne CSV, domin kusan kowace manhajar lissafi tana iya buɗe shi.

Tsarin CSV ba shi da wuyar ganewa. Rubutu ne zalla: kowane layin kwance na jadawali yana zama layi ɗaya a fayil, kuma waƙafi ne ke raba gurbi da gurbi. Takardar da ta bayyana ƙa'idojinsa, wato RFC 4180 ta shekarar 2005, ta ce ana iya sa layin take guda a farkon fayil mai ɗauke da sunayen layukan tsaye, kuma yawan gurabensa ya zo daidai da na sauran layukan. Babu wata alama a cikin tsarin da za ta ce wannan gurbi ya shimfiɗu a kan gurabe uku. To, a nan gizo ke saƙar, domin masu buga littattafai sun saba tsara kan jadawali hawa biyu ko uku, suna haɗe gurabe don ido ya ji daɗin karatu.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman ƙidayar jama'ar Nijeriya ta 1991 da ta 2006, mu tsara su yadda aka saba ganin irinsu a littafi:

```
         |           1991           |           2006
 Yanki   |--------------------------|-------------------------
         |  Maza  |  Mata  |  Jimla |  Maza  |  Mata  |  Jimla
```

A layin Nijeriya baki ɗaya, ƙidayar 1991 ta ba da maza 44,529,608, mata 44,462,612, jimla 88,992,220. Ta 2006 kuwa ta ba da maza 71,345,488, mata 69,086,302, jimla 140,431,790. Mai karatu zai lura da haɗi iri biyu a kan wannan jadawali. Shekarar 1991 ta kwanta a kan layukan tsaye uku, haka ma 2006. Wannan haɗin kwance ke nan. Kalmar Yanki kuwa ta tsaya ta cinye hawa biyu. Wannan haɗin tsaye ne. Idon ɗan Adam yana warware duka biyun cikin ƙiftawa da bisimilla. Na'ura ba ta ganin haka.

Abin da na'ura ke yi da haɗaɗɗen gurbi

Idan mutum ya sake zana jadawalin da hannu a cikin Excel, ya haɗe guraben kamar yadda suke a takarda, ya adana shi a matsayin CSV, manhajar za ta ajiye rubutun haɗaɗɗen gurbi a gurbin farko na hagu, ta bar sauran fayau:

```
Yanki,1991,,,2006,,
,Maza,Mata,Jimla,Maza,Mata,Jimla
```

Manhajar da ta buɗe wannan fayil za ta ɗauki layin farko a matsayin take, ta tarar layukan tsaye huɗu ba su da suna. Wasu manhajoji sukan laƙaba musu suna da kansu. Alal misali pandas, wadda masu nazarin alƙaluma ke amfani da ita, takan rubuta `Unnamed: 2`. Layi na biyu kuma sai ta ɗauke shi a matsayin bayanai, kalmar Maza ta shiga sahun lambobi. Da zarar kalma ta shiga cikin lambobi, manhajar na iya ɗaukar layin tsayen gaba ɗaya a matsayin rubutu, lissafi ya gagara. Wanda ya ga haka ya share layin farko don ya huta, ya tsallake rijiya ne ya faɗa kududdufi: yanzu yana da Maza biyu, Mata biyu, Jimla biyu, kuma babu abin da ya rage a fayil ɗin da zai nuna wace ce ta wace shekara.

Maganin da aka fi sani shi ne a kwafi kowane take zuwa guraben da ke damansa har a ci karo da wani take, sa'an nan a liƙa na sama da na ƙasa su zama suna ɗaya. A fayil ɗin da ke sama wannan dabara tana aiki sarai, domin kowace shekara tana zaune a farkon yankinta. Amma jadawalin da ya fito daga hoto labarinsa daban ne, kuma a nan ne kuskuren da ya fi haɗari yake ɓuya.

Mai buga littafi yakan sa take a tsakiyar haɗaɗɗen gurbi. Saboda haka a takarda 1991 tana bisa kalmar Mata daidai, ba bisa Maza ba. Idan layukan jadawalin sun dushe, ko kuwa da ma ba a zana su ba, manhajar OCR ba ta da abin dogaro sai matsayin rubutu a shafi, don haka tana iya fitar da wannan:

```
Yanki,,1991,,,2006,
,Maza,Mata,Jimla,Maza,Mata,Jimla
```

Yanzu a gwada waccan dabara ta kwafi zuwa dama, a ga abin da zai faru. Layin tsaye na biyu, wato mazan 1991, zai gaji kalmar Yanki. Na uku da na huɗu za su sami 1991, daidai ne. Na biyar, wanda mazan 2006 ne, shi ma zai sami 1991, domin ba a kai ga 2006 ba tukuna. Sakamakon haka fayil ɗin zai nuna shekarar 1991 da Maza da Mata da Jimla cif, babu giɓi, alhali adadin mazan na wata shekara ne. Ɗalibin da ya ciro bayanan 1991 kaɗai zai rubuta cewa Nijeriya tana da maza miliyan 71 da mata miliyan 44 a wannan shekara, kuma na'ura ba za ta yi masa ko tari ba.

Yaya za a gane? Jadawalin da kansa yana ɗauke da ma'auninsa. Maza da mata dole su ba da jimla. Idan aka tara 71,345,488 da 44,462,612 za a sami 115,808,100, ga shi kuwa jimlar da ke rubuce 88,992,220 ce. Wannan saɓani ya isa shaida cewa wani take ya zame daga wurinsa. A ganina, duk jadawalin da ke da layin jimla bai kamata a bar shi ya wuce ba tare da wannan gwaji ba, domin yana kama har kuskuren karatun lamba, kamar inda na'ura ta ɗauki 8 a matsayin 3. Sai dai gwajin yana da iyaka. Idan aka musanya Maza da Mata, jimla ba za ta canza ba, kuma a 1991 bambancin da ke tsakaninsu 66,996 ne kacal, don haka ido ma ba zai yi zargin komai ba. Irin wannan sai an ajiye hoton shafin kusa da fayil an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar da ta fi aminci

Shawarata ita ce a bar na'ura ta karanta lambobin cikin jadawali, amma kan jadawalin mutum ya rubuta shi da hannunsa. Aikin bai fi na 'yan mintoci ba. Da farko a ƙirga layukan tsaye daga ƙasa, inda lambobi suke, domin can ne babu haɗi. A misalinmu bakwai ne, ke nan sunaye bakwai ake bukata da waƙafi shida. Daga nan a ɗora yatsa a kan kowane layin tsaye a bi shi sama, ana karanta duk taken da ya rufe shi. Inda iyakar haɗin ba ta fito ba, a duba ɗan gajeren layin da akan ja a ƙarƙashin babban take, ko a lura da inda ƙananan take suka fara maimaituwa: dawowar Maza karo na biyu alama ce ta sabon rukuni. Gurbin da ya haɗu a tsaye, irin Yanki, sau ɗaya ake rubuta sunansa. Ga abin da za a samu:

```
yanki,maza_1991,mata_1991,jimla_1991,maza_2006,mata_2006,jimla_2006
Nijeriya,44529608,44462612,88992220,71345488,69086302,140431790
```

An sa shekara a ƙarshen suna ne saboda wasu manhajoji ba sa karɓar sunan da ya fara da lamba. An kuma cire waƙafin da ke cikin lambobi, domin in an bar shi, 44,529,608 za ta tsinke gida uku, duk abin da ke damanta ya gusa. Idan kuma take yana ɗauke da ma'auni, kamar a ce alƙaluman dubu-dubu ne ko milimita ne, ma'aunin ma ya shiga cikin suna, in ba haka ba ya ɓata tare da takardar.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa idan shekarun suna da yawa. Idan aka duba da kyau, 1991 da 2006 ba sunayen abin da aka auna ba ne. Amsoshi ne na tambayar wace shekara. Haka Maza da Mata amsoshi ne na tambayar wane jinsi. Saboda haka ana iya sauko da su daga kan jadawali su zama bayanai:

```
yanki,shekara,jinsi,adadi
Nijeriya,1991,maza,44529608
Nijeriya,1991,mata,44462612
Nijeriya,2006,maza,71345488
Nijeriya,2006,mata,69086302
```

Fayil ɗin ya yi tsawo, amma kowace lamba tana tafe da cikakken bayaninta, kuma in an yi wata ƙidaya nan gaba layuka kawai za a ƙara a ƙasa, take ba zai taɓu ba. Mai karatu zai ga an bar Jimla a waje. Da gangan ne: in an sa ta a sahun maza da mata, wanda ya tara adadin 1991 zai sami 177,984,440, wato ninki biyu na gaskiya. A yi gwajin jimla tukuna a tsari na farko, sa'an nan a jefar da ita.

Jadawali mai tsawo yakan tsallaka zuwa shafi na gaba, kuma masu bugu sukan maimaita kansa a saman kowane shafi. Idan an haɗa shafukan a fayil ɗaya, waɗannan take za su tsaya a tsakiyar bayanai, sai an neme su an share. Jadawalin jihohi kuma yana da nasa haɗin a gefen hagu: a 1991 Gombe tana cikin Bauchi, Zamfara tana cikin Sakkwato, sai a 1996 aka ƙirƙiro su, don haka mai tsara littafi na iya ba jihohi biyu haɗaɗɗen gurbi ɗaya a ƙarƙashin 1991. Irin wannan gurbi ba a kwafe shi kamar yadda ake kwafe take, domin lamba ce, kuma kwafarta zai sa a ƙirga mutanen sau biyu. A rubuta ta a layi guda mai suna Bauchi da Gombe, a bar gurbin 1991 na kowace jiha fayau.