Gida, Dangi da Mai Riƙon Makulli

Mutanenmu kan ce "ƙasa" alhali gwamnati suke nufi, kuma wannan ruɗani ba ƙarami ba ne.

Ku dubi babban gidan gado. Katangarsa, mazaunansa da dokokin zama a cikinsa, su ne misalin ƙasa: iyaka, jama'a da hukuma. Wanda aka damƙa wa makullin rumbu domin ya kula da abinci da gyaran rufi, shi ne gwamnati. Riƙo yake yi, gidan ba nasa ba ne. A 1983 sojoji sun kifar da Shehu Shagari, gwamnati ta sauya, amma Najeriya tana nan yadda take.

Al'umma kuwa dangi ce, harshe da tarihi suka haɗa ta, katanga ba ta raba ta. Bahaushen Katsina da na Maraɗi al'umma ɗaya ne, ƙasa biyu. A bakin iyaka kowa zai fito da nasa katin shaida.

Saura ikon kai, wato maƙwabci ba ya yanke wa gidan hukunci. Kafin 1 ga Oktoba, 1960 akwai Firayim Minista, Abubakar Tafawa Balewa, amma magana ta ƙarshe tana Landan.