Takin Shara: Sana'ar Rani A Bakin Gari

Tun zamanin kakanni manoman karkarar Kano sun san amfanin juji. Da rani sukan kora jakunansu zuwa birni da itace, su komo gida da mangala cike da shara, su zuba a gona. Wannan yana cikin abin da ya sa ake noma gonakin kewayen Kano kowace shekara ba hutu, ƙasa kuwa ba ta mutu ba.

Amma sharar da da ta yanzu ba ɗaya ba ne. Ta da toka ce, da kashin awaki, da ganye, da ɓawon gyaɗa. Ta yanzu cike take da leda, da fasassun kwalabe, da gwangwani, da mataccen batir. Manomi ya zuba ta haka nan, sai leda ta tare saiwar shuka, kwalba ta yanke ƙafar mai noma. Akuya kuwa in ta ci leda, ledar ba ta narkewa. Sai ta cushe mata tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu.

To, a nan sana'a ta samu. Garuruwa suna ta girma, juji ya yi musu yawa. Manomi yana son taki, amma ba shi da sukunin tsince shara. Wanda ya tsince ta, ya ruɓar da ita, ya tankaɗe, ya sami abin sayarwa.

Bari mu yi misali da wani mutum da ɗansa, waɗanda ƙauyensu ke kusa da gari. Kayan aikinsu baro ne, da shebur, da manjagara, da ragar waya da aka kafa a jikin katako. Da fari sai su nemi izinin mai unguwa, su sami fili mai inuwa, kusa da ruwa, nesa da gidaje. Kada ya zama gab da rijiyar sha.

Ba kowane juji za su ɗiba ba. Wanda ya fi kyau shi ne na kasuwar kayan miya, da na turken dabbobi, da abin da mahauta ke zubarwa daga tumbi. Jujin asibiti ba a taɓa shi ko kaɗan, saboda allurai da cuta. Haka kuma sharar masana'antun jima, irin na Sharaɗa da Chalawa a Kano, domin magungunan da ake jeme fata da su guba ne a gona.

A ce sun kwaso baro 30. Su baje a ƙasa, su ja da manjagara, su tsince duk abin da ba ya ruɓewa. Wannan shi ne aiki mafi wahala, a nan kuma ake gane mai gaskiya. A sa takalmi mai kauri da safar hannu. Abin da aka tsince ba duka ne banza ba. Ƙarfe, 'yan gwangwan suna saye a kan sikeli. Gwangwanin lemo, maƙeran farfaru suna narka shi su zuba tukwane da ludaya. Robobi ma akwai masu saye. Batir kaɗai a keɓe shi dabam, kada a fasa, kada a ƙona. A ce bayan tsinta baro 20 ya rage.

Sa'an nan sai tari. A auna faɗi ƙafa 5. A shimfiɗa busasshen abu, watau kara da aka sassara, da ganye, da ciyawa, kaurin inci 6. A bisansa a zuba ɗanye, watau ruɓaɓɓen tumatir, da ɓawon kayan miya, da kashin dabbobi, kaurin inci 2 ko 3. A barbaɗa ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa. A yi ta yin haka hawa-hawa har tari ya kai ƙugun mutum ko ya ɗan fi. A rufe da tsohuwar tabarma ko zana, a soka doguwar sanda har tsakiya a bar ta a ciki. Kada a tattake tarin, domin yana bukatar iska.

Me ke ruɓar da shara? Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Su ma kamar mu suna son abinci da ruwa da iska. In suna cin sharar sai tari ya ɗauki zafi. Zafin nan shi ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta.

Sandar nan ita ce za ta riƙa ba su labari. Bayan kwana 3 ko 4 a zare ta a taɓa. In ta fito da zafi da danshi, aiki yana tafiya. In ta fito da sanyi, a bushe, ko da fari-fari a jikinta kamar gari, ruwa ya yi kaɗan. Wannan ya fi faruwa da hunturu, don iska tana shanye tari da sauri. Gara da tururuwa ma in sun shiga, alamar bushewa ce. In kuwa tari yana ɗoyi, ƙudaje sun taru, to, ruwa ya yi yawa, iska ba ta shiga. Maganinsa a buɗe shi a ƙara busasshen kara. In yana zarni kamar fitsari, kashin dabba ko toka ne ya yi yawa, ƙarfin takin kuma yana tafiya a iska.

Ga yadda ake auna ruwa. Ɗebi cikin hannu ka matse. In ya dunƙule, hannunka ya jiƙe, amma ruwa bai tsiyaya ba, ya yi daidai.

Bayan mako 2 ko 3 zafi zai fara sauka. Sai a juya tarin, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya dawo gefe, ana yayyafa ruwa. A yi haka sau 3. Cikin wata 3 taki ya nuna. Zai yi baƙi, ya yi laushi, ya daina zafi, ya riƙa ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Kada ku yi mamaki in kun ga ya ragu. Baro 20 yakan koma kamar 10. A tankaɗe shi da ragar waya, abin da bai wuce ba a mai da shi sabon tari.

Kada a yi gaggawar sayarwa. Takin da bai nuna ba yakan sa shuka ta yi ɗorawa, ko ya hana iri tsira. Mai shakka ya cika gwangwani da takin haɗe da ƙasa, ya shuka masara 10. In sun tsira kore shar, ya kai kasuwa.

Mutumin nan da ɗansa in sun yi tari a watan Janairu, takinsu zai nuna a Afrilu, daidai lokacin da manoma ke kai taki gona. 'Yan lambu da masu renon itatuwa kuwa suna saye ko da rani.

Sai dai a faɗa wa mai saye gaskiya. Takin shara bai kai na zamani ƙarfi ba. Abincin da ke sa ganye kore a buhu 1 na takin zamani, sai an tara buhu 15 na takin shara, ko fiye. Nasa amfanin dabam ne: yana sa ƙasa mai rairayi ta riƙe ruwa, kuma aikinsa yana kaiwa har baɗi. Tun da kaya ne mai nauyi, kuɗinsa kuma kaɗan, kuɗin mota yana iya cinye riba duka. Saboda haka kafin a yi tarin farko, a san gonakin da za a kai shi, su zama inda jaki ko amalanke zai je ya komo a yini guda.