Kayan awo ba a ƙirga su: dalilin da ya sa advice, information da furniture ba su da jam'i

A kasuwar hatsi irin ta Dawanau babu mai zuwa ya ce a ba shi gero uku. Mudu uku zai ce, ko tiya biyu, ko buhu guda. Mai awo ya cika mudu ya yi masa tozo, ya juye a buhun mai saye, yana ƙirgawa da baki: ɗaya, biyu, uku. Mudun yake ƙirgawa, geron kuwa aunawa yake yi. Can gefe mai ƙwai ba ruwansa da mudu, ɗai-ɗai yake ɗauka yana jerawa, domin kowane ƙwai yana da iyakarsa, an san inda ya fara da inda ya ƙare.

Haka Turanci ya raba sunayensa gida biyu, na ƙirge da na awo. Sunan ƙirge, kamar egg ko chair, yana karɓar a ko an a gabansa, yana karɓar lamba, yana kuma ɗaukar s ta jam'i: an egg, three chairs. Sunan awo, kamar millet ko water, ba ya karɓar ko ɗaya daga cikin ukun nan. In ana son adadinsa sai an kawo ma'auni, shi za a ƙirga: two bags of millet. Jam'in yana kan buhu, geron bai motsa ba.

Har nan babu ɗalibin da ke shan wahala, don ido na ganin gero da ruwa. Matsalar tana farawa ne da kalmomi uku da ke cinye wa yaranmu maki a jarrabawar WAEC da NECO, wato advice, information da furniture. Mu a Hausa muna cewa shawara da shawarwari, bayani da bayanai. Yaron da ya rubuta advices bai yi shirme ba, hankalin harshensa ya bi. Wanda ya yi boko da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram kuwa nasa tarkon biyu ne, domin Faransanci ma yana ƙirga su: des conseils, des informations, des meubles. Turanci ne ya zuba su a rumfar masu awo. A wurinsa advice abu ne da ake ba mutum kaɗan ko da yawa, kamar yadda ake ɗebo gari, ba a kallon kowace magana a matsayin ƙwaya mai zaman kanta. Haka information take.

Furniture ce ta fi ɗaure kai, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ai kujera ana ƙirga ta, gado ma haka, to me ya hana a ƙirga furniture? Amsar ita ce kalmar ba sunan wani abu guda ba ce, suna ne na tarin abubuwa mabambanta da aiki ɗaya ya haɗa su. Asalinta daga Faransanci ne, daga kalmar da ke nufin tanadar wa wuri abin da yake bukata. Mu ma muna da irinta. Idan aka ce an kai kayan ɗakin amarya, akwai gado da katifa da kujeru da madubi a ciki, amma babu mai nuna gadon ya ce ga kayan ɗaki guda, ga wani can, sun zama kayan ɗaki biyu. Sai dai a ce kujeru shida da gado ɗaya. Luggage da equipment da jewellery duk wannan hanya suka bi, shi ya sa su ma ba a saka musu s.

A ɗauki kafinta da ya kammala aiki, zai rubuta wa mai makaranta takarda. Ya rubuta: We have supplied three furnitures and they are ready. Kuskure biyu ke nan a layi ɗaya, kuma na biyun ɗan na farkon ne. Hanyar gyara biyu ce. Ko dai ya kawo ma'auni, ya ce three pieces of furniture, inda piece ta zama mudun da ake ƙirgawa, sai they are ta zauna daidai tunda yanzu pieces ake nufi. Ko kuma ya ambaci kayan da sunayensu, two desks and a cupboard. A ganina ta biyun ta fi, don mai karatu ya san abin da aka kawo masa. In kuwa bai damu da adadi ba, sai ya ce the furniture is ready, da is, ko da kayan sun cika mota.

Piece ɗin nan tana aiki ga sauran biyun: a piece of advice, two pieces of information. Amma Bature bai cika ƙirga shawara haka ba, yawanci some advice yake cewa ya wuce. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi, a sauya kalmar da 'yar uwarta ta ƙirge. Suggestion da tip suna da jam'i, haka fact da detail. Wanda ke son cewa malaminsa ya ba shi shawarwari uku yana iya rubuta three suggestions, babu mai ja da shi.

Kalmomin yawa su ma sun rabu. Many da few na kayan ƙirge ne, much da little na kayan awo. Don haka how much information ake tambaya, kamar yadda ake tambayar how much rice. Some da a lot of kuwa suna shiga kowace rumfa, shi ya sa suke ceton mai shakka.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da ake aunawa a kasuwa sunan awo ne a Turanci. Wake da mudu ake sayar da shi kamar shinkafa, amma beans jam'i ne, rice kuwa ba ta da jam'i. Kuɗi kullum ƙirga su ake yi, amma money ta awo ce, naira da dala ake ƙirgawa. News tana da s a ƙarshe, duk da haka the news is good ake cewa. Rabon yana bin kalma ne da al'adar masu harshen, kuma al'adar kan sauya: a Turancin 'yan ƙarnukan baya ana rubuta advices da ma'anar labaran da suka iso daga nesa, har yau ma ana ganin ta a wasu takardun banki da kasuwanci. Wannan ba zai ceci ɗalibi a gaban mai duba jarrabawa ba.

Wasu kalmomin ma suna cin kasuwa biyu. Paper takardar rubutu ce, ta awo, amma a paper jarida ce ko takardar jarrabawa guda. Saboda haka in an haɗu da sabon suna, a duba ƙamus irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, inda ake sa harafin C ga ma'anar ƙirge, U ga ta awo. A duba alamar a gefen ma'anar da ake bukata, don kalma ɗaya tana iya ɗaukar U a ma'ana ta farko, ta ɗauki C a ta biyu.