Yadda Ake Wanke Rigar Sanyi Mai Gashin Agwagwa

Rigar sanyin da aka cusa mata lallausan gashin agwagwa tana ba da ɗumi ne saboda iskar da gashin ke riƙewa. Da zarar ya jiƙe sai ya manne, ya koma ƙulli-ƙulli.

A zuge zif, a juya rigar, a wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi, kamar digiri 30. A sa sabulun ruwa kaɗan, domin garin sabulu mai kaifi yana cinye maiƙon da ke hana gashin karyewa. A ɗauraye sosai. Kada a murɗa ta. A danna kawai ruwan ya fita.

Wajen shanya aka fi yin ɓarna. Idan aka rataye ta jiƙe, gashin zai zube ya taru a ƙasan kowane ɗinki. Gara a shimfiɗa ta inda iska ke kaɗawa, ana juyawa, ana warware ƙullin da yatsu, ana bubbugawa da tafin hannu. Mai injin busarwa ya rage zafi, ya jefa ƙwallon tanis biyu ko uku su riƙa dukanta.

Bayan rigar kan bushe alhali cikin da sauran danshi. In an taɓa an ji ƙulli mai sanyi, ko hanci ya ji wari, a ci gaba da shanya, ko da za ta ƙara kwana.