Launi a Rahoton Turnitin: Wanne Ne Sata, Wanne Ne Maganar Kowa?

Idan aka saka kundin ɗalibi a manhajar Turnitin, takan gwada shi da shafukan intanet da mujallun ilimi da ayyukan ɗaliban da aka ajiye mata a baya. Duk inda ta tarar da jerin kalmomi iri ɗaya, sai ta shafa masa launi, ta liƙa masa lamba. A tsohon tsarin rahoton, launin da lambar tushe kawai suke nunawa: duk abin da ke ɗauke da lamba 1 da wuri guda ya yi kama. Saboda haka a wannan tsarin jan layi a cikin rubutu bai fi shuɗi muni ba.

A ɗauki misalin kundin da rahotonsa ya nuna kashi 28 cikin ɗari. Mai duba aikin zai fara cire abin da dole ne ya yi kama da na wasu. A wurin tacewa akwai Exclude Bibliography mai fitar da manazarta, da Exclude Quotes mai fitar da abin da aka sa cikin alamar zance. Sau da yawa wannan kaɗai kan rage alƙaluman sosai.

Abin da ya rage sai an karanta shi da ido. A shafin farko da babin hanyoyin bincike za a ga gajerun layuka masu launi daban-daban: sunan jami'a da sashe, sunan wata doka, ma'aunin Likert, ko jimlar da ke cewa an raba takardun tambayoyi. Kowanne kalmomi kaɗan ne, kowanne daga tushe dabam, yawanci kashi 1 ko ƙasa da haka. Waɗannan kalmomin fanni ne, ba na kowa ba ne, kuma ɗalibin da ya sauya su don gudun launi ɓata ma'ana zai yi.

Kamannin kwafi daban ne. A ce a babin bitar ayyukan magabata an sami sakin layi uku a jere, launi ɗaya, lamba ɗaya, kashi 6. Tsakanin launin akwai 'yan fararen giɓi, kalma ɗaya nan, biyu can. Wannan giɓin shi ke tona asiri, domin alama ce ta an ɗauko rubutun wani an musanya 'yan kalmomi. Sai a danna lambar, a jera rubutun biyu. Idan tsarin hujjoji ɗaya ne, misalai ɗaya, wani lokaci har kuskuren rubutu ɗaya, kuma ba a ambaci mai shi ba, to an yi kwafi. Ko an ambace shi ma, kalmominsa na buƙatar alamar zance.

Akan kuma duba ko tushen daftarin ɗalibin ne da ya taɓa sakawa, domin manhajar na iya kama mutum da aikinsa. Littafin da ba ya cikin rumbunta kuwa, ko an kwafe shi kaf, fari tas zai fito. A kundin nan dai, kashi 6 ɗin nan su ne abin tuhuma, sauran 22 ba laifi.