Sabon Kaya a Kasuwa: Yadda Ake Raba Kuɗin Talla Kashi Uku

A ranar 9 ga Janairun 2007 Steve Jobs ya tsaya a gaban jama'a a birnin San Francisco ya nuna musu wayar iPhone. Ba a fara sayar da ita ba sai ranar 29 ga Yuni. Kusan wata shida mutane suna zancen abin da ba su taɓa riƙewa ba, jaridu da gidajen talabijin suna yi wa kamfanin Apple talla kyauta. Labarin yana da daɗin ji, amma ya ɓatar da ƙananan 'yan kasuwa da dama. An jira Apple ne domin an riga an san shi. Mai sabon sabulu ko sabon yaji da ba a taɓa jin sunansa ba, in ya ce wa mutane su jira shi wata shida, kafin sati ya zagayo sun manta da shi.

Masu aikin talla sukan raba fitar da sabon kaya zuwa zango uku. Akwai share fage, lokacin da ake sanar da cewa wani abu na tafe. Akwai ƙaddamarwa, lokacin da kaya suka shiga shaguna ake kiran mutane su saya. Sai kuma bibiya, wato makonnin da ke biyo baya, inda ake neman wanda ya saya sau ɗaya ya dawo. Ba wata doka da ta ƙayyade rabon kowane zango. Amma ga kayan da ake saya a cinye a sake saya, ni dai rabon da nake ganin ya fi dacewa shi ne kashi 15 cikin ɗari na share fage, 45 na ƙaddamarwa, 30 na bibiya, a ajiye 10 don ko-ta-kwana.

A ce wani ƙaramin kamfani ne a Kano zai fito da garin kunun gyaɗa na leda, wanda ake damawa nan take. Ya ware naira miliyan 10 domin talla, kuma yana so ya shiga kasuwa gab da azumi, lokacin da ake shan kunu kusan a kowane gida. Alkaluman nan na misali ne, kowa sai ya sa nasa.

Kafin a kashe ko sisi sai an tsayar da rana, kuma ba mai kamfani kaɗai ke tsayar da ita ba. Kayan abinci na leda suna bukatar rajistar hukumar NAFDAC, ita ma tallarsu sai hukumar ta amince da ita. Akwai kuma ARCON, hukumar da ta maye gurbin APCON a 2022, wadda ke tantance talla kafin a watsa ta. Wanda ya sanar da rana alhali takardunsa suna kan teburin wani jami'i, ya ɗaure kansa da igiyar da ba shi ke riƙe da bakinta ba. Daga ranar da aka tabbatar kaya za su kasance a shaguna ake ƙirgawa baya, ba daga ranar da injin ya fara niƙa ba.

Share fage zai ci naira miliyan 1.5, kuma sati biyu sun isa. Mafi yawan wannan kuɗi ma ba na watsa talla ba ne, na shirya ta ne: naɗar waƙar talla, ɗaukar hotuna, buga fastoci, abubuwan da za a yi ta amfani da su har ƙarshe. Abin da ya rage sai a kai shi inda mutane da yawa ba sa tunani, wato wurin 'yan kasuwa. Diloli a Kasuwar Singa da masu shagunan unguwa su ne farkon waɗanda ya kamata su ji labari, su ɗanɗana, su san nawa katan yake da ribar da za su samu a kansa. Mai shago ba ya karɓar kayan da bai sani ba sai ya ji cewa za a yi tallarsu a rediyo, don haka a sanar da shi ranar da za a fara.

Su kuwa masu saye, a guji irin tallar nan ta "wani abu na nan tafe" wadda ba suna ba hoto. Tana yi wa wanda ake jira aiki ne kawai. Share fagen da ke da amfani shi ne wanda ke barin wani abu a hannu. Lokacin da Etisalat, wanda daga baya ya koma 9mobile, zai shigo Najeriya a 2008, ya tarar MTN da Glo da Zain sun riga sun kama kasuwa. Sai ya ba mutane damar zaɓar lambar da suke so mai farawa da 0809 tun kafin layin ya fara aiki. Wanda ya kama lamba ya riga ya zama rabin mai saye. Mai kunun gyaɗa ba shi da lambar waya da zai raba, amma yana iya fita daga wannan zango da jerin shaguna 300 da suka yi alkawarin karɓar katan ɗaya ɗaya. In shaguna 80 kawai suka amsa, gara a ɗaga ranar da a ci gaba.

Zangon ƙaddamarwa shi ne mai cin kuɗi, naira miliyan 4.5 a cikin sati uku: satin ƙarshe na Sha'aban, lokacin da ake sayayyar azumi, da sati biyun farko na Ramadan. Dalilin tara kuɗi a ɗan gajeren lokaci shi ne mutum ba ya riƙe sabon suna daga ji ɗaya. Gara mutum dubu ashirin su ji sau biyar da mutum dubu ɗari su ji sau ɗaya. Shi ya sa tasha ɗaya ko biyu da matan gida ke saurare, a sa'o'in da ake aikin buɗa-baki, sun fi tashoshi shida da aka yayyafa musu kuɗi. A ba rediyo miliyan 1.8. A ba ɗanɗano kyauta miliyan 1.2, domin abin sha ba ya sayuwa da bayani sai harshe ya shaida. Dubu 900 su tafi ga fastocin bakin shago da ihsani ga masu shago, kamar ƙarin leda biyu a kowane katan. Dubu 600 da suka rage su tafi ga gajerun bidiyo a Facebook da TikTok, a kuma taƙaita su ga garuruwan da kayan suke. Ba amfanin mutumin Maiduguri ya ga tallar abin da bai wuce Kano da kewaye ba.

Babbar ɓarnar wannan zango ita ce talla ta riga kaya isa. Uwargida ta ji a rediyo, ta aiki yaro shago, mai shago ya ce bai san shi ba. Da wuya ta sake aike. Gane wannan ba ya bukatar wani bincike mai tsada: a tura mutum biyu a babur su zaga shaguna talatin a unguwanni daban-daban su nemi kayan kamar masu saye. In fiye da goma ba su da shi, a rage rediyo a gyara rarrabawa tukuna. Irin wannan ranar aka ajiye wa miliyan ɗayan nan na ko-ta-kwana, ita da ranar da wani babban kamfani zai karya farashi don ya toshe hanya.

Yanzu ga zangon da aka fi zalunta. Da an ga kaya suna tafiya a satin farko, sai a ji daɗi a ƙara wa rediyo kuɗi, a yi taro a otal, a gayyato mawaƙi, duk daga kason bibiya. Kafin Sallah asusu ya ƙare. Lissafi kaɗan zai nuna abin da aka yi asara.

A ce gida 15,000 suka sayi kunun a karon farko. An kashe miliyan 6 a zango biyun farko, ke nan kowane gida ya ci naira 400 kafin ya saya. In ribar leda ɗaya naira 100 ce, sayen farko ya mayar da miliyan 1.5 kacal, saura miliyan 4.5 a waje. To, a ce ba a yi bibiya ba, gida 3,000 ne suka ci gaba da sayen leda biyu a wata. Ribar wata za ta zama naira 600,000, sai an yi wata bakwai da rabi kafin kuɗin talla su dawo. Amma in an kashe miliyan 3 na bibiya har masu dawowa suka kai gida 6,000, ribar wata ta zama miliyan 1.2. Duk da ƙarin kuɗin da aka kashe, cikin wata shida da 'yan kwanaki an fanshe, kuma an fita da ninkin masu saye. Bibiya ba ta ba da tabbacin haka, musamman in kunun bai yi daɗi ba, domin talla ba ta sa mutum ya maimaita abin da bai gamsar da shi ba. Sai dai in kayan suna da kyau, mantuwa da rashin samu a shago ne ke raba su da mai saye, kuma waɗannan biyun kuɗi na maganinsu.

Miliyan ukun nan za a shimfiɗa su a kan kamar sati takwas, kuma saƙon ya canza. A ƙaddamarwa ana cewa ga sabon abu. A bibiya ana ba mutum dalilin sake saye. Ga kunun gyaɗa wannan ya zama dole, domin cinikin azumi yana ruɗi: watan na wucewa bukata za ta faɗi, sai an koya wa mutane cewa abin karin kumallon yara ne kafin makaranta, ko na mai jego. Rediyo ya koma sati ɗaya a yi, sati ɗaya a huta. Kaso mai tsoka ya tafi ga masu zaga shaguna suna cike gurbin abin da ya ƙare, suna kuma kwaso ƙorafi. Wataƙila ledar tana fashewa, ko sukari ya yi yawa, ko kuma mutane sun fi son ƙaramar leda mai araha.

Akwai kuma alkalamin da ke yaudarar masu kamfani: yawan katan da suka fita daga sito. Dila yana iya ɗaukar katan ɗari su kwanta a rumbunsa. Abin dubawa shi ne oda ta biyu. A cikin shaguna 300 nan, nawa ne suka sayar da katan na farko suka nemi wani da kuɗinsu, ba bashi ba? In sun haura rabi, a sake wa bibiya sauran kuɗin ko-ta-kwana. In ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a dakatar da talla a koma a binciki kayan da farashinsu.

Wannan rabo na kayan da ake maimaita saye ne. Fim ɗin da za a haska a sinima ranar Sallah ba ya jiran oda ta biyu, kwanakinsa na farko ne ke yanke masa hukunci, don haka yawancin kuɗinsa kafin fitowa da satin farko ake kashe su. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana kuwa akasin haka ne. Manomi ba zai fitar da kuɗi masu yawa don ya ji waƙa a rediyo ba, sai ya ga injin yana aiki a gonar maƙwabcinsa, ya tambayi inda ake samun kayan gyara. Mai irin wannan kaya yana iya rage share fage zuwa kashi 10, ƙaddamarwa 30, ya bar rabin kuɗin ga nuni a gonaki da kasuwannin ƙauye har tsawon noman rani guda, sauran 10 ɗin su zauna a ajiye.